Babi na Shida: Wa Ke Shan Datata?

"Jiya na sayi bandul, yau an ce ya ƙare. Ina datata take tafiya?" Wannan tambaya ce da ake yawan yi a Kasuwar Malam Atta, wadda mutanen Akra suka fi kira Malata, kuma ana yin ta a Nima da Mamobi da Kotobabi, a cikin shago da wajen shan ataya. Laifin farko a kan kamfanin waya yake faɗawa, ko MTN ne, ko Telecel, ko AT. Wani lokaci wayar ce da kanta take shanye datar, tana sabunta manhajoji a ɓoye. Amma akwai dalili na uku da ba a cika dubawa ba, shi ne hosfot, wato lokacin da mutum ya mayar da wayarsa tashar waifai don wata waya ko kwamfuta ta sami intanet daga layinsa.

Mai hosfot a kasuwa kamar mai mitar lantarki ne a gidan haya, irin wadda ake loda wa kuɗi kafin a sha wuta. Idan wani ya ja waya daga bayan mitarka zuwa ɗakinsa, fankarsa da dutsen gugarsa a kuɗinka suke aiki, kai kuwa abin da za ka gani kawai shi ne kuɗin da ka loda ba ya kai wa yadda ya saba. Haka duk wanda ya shiga hosfot ɗinka, bidiyon da ya kalla da abin da ya sauke daga bandul ɗinka ake cirewa, kuma kamfanin waya ba ya bambanta shi da kai.

Me ya sa kasuwa ta fi gida haɗari

Siginar hosfot na waya ba ta da nisa. A fili takan kai 'yan gomiyoyin mita, bango da kwanon rufi kuma suna rage ta. A gida mai katanga wannan tazara ba ta ƙunshi mutane da yawa ba. A Malata kuwa, inda teburi ke manne da teburi, mita goma kaɗai ta ɗauke masu shaguna da yaransu, da masu ciniki, da kayayo da ke hutawa a inuwa, da mai MoMo a ƙarƙashin lemarsa. Kowannensu da waya a hannu, kuma duk wanda ya buɗe waifai zai ga sunan hosfot ɗinka a jeri. Abin da ya raba shi da datarka kalmar sirri ce kaɗai.

Akwai wani abu kuma da ke ƙara ɓarnar. Kwamfuta, da wayoyi da dama, suna ɗaukar duk wani waifai a matsayin intanet marar iyaka. Da zarar sun hau, sai su fara ayyukan da suka jinkirta: sabunta manhajoji, tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, sauke bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp. Saboda haka ko mutumin da ya roƙe ka minti biyu don ya tura saƙo ɗaya, kuma da gaske saƙo ɗaya ya tura, na'urarsa tana iya jan ɗaruruwan megabait ba da saninsa ba.

Abin da ake asara bayan data

Ba data kaɗai ke tafiya ba. Tun daga watan Oktoba na 2021 aka fara sabuwar rajistar layukan waya a Gana, inda aka ɗaure kowane layi da katin ɗan ƙasa. Duk abin da baƙo ya aikata a intanet ta hosfot ɗinka, ta layin da ke ɗauke da sunanka ya fita. Idan damfara ya yi, ko barazana ya aika wa wani, sawun da masu bincike za su bi yana iya kawo su ƙofarka kafin su gane akwai wani a bayanka. Wanke kai yana yiwuwa, amma wahala ce da bai kamata ɗan kasuwa ya jawo wa kansa ba saboda kalma ɗaya.

Sai batun leƙe. Idan aka bar hosfot a buɗe, wato an zaɓi `None` ko `Open` a wajen tsaro, abin da ke kai-komo tsakanin wayoyin yana tafiya a iska ba a lulluɓe ba, kuma mai kayan aiki yana iya naɗarsa ko bai shiga ba. Gaskiya ne yawancin shafuka da manhajoji yanzu suna lulluɓe bayanansu da kansu. Saƙon WhatsApp ba ya karantuwa ta wannan hanya, haka ma shafin da adireshinsa ya fara da `https`. Amma mai leƙen yana iya ganin shafukan da ake ziyarta, kuma wanda ya shiga ciki yana zaune ne a hanya ɗaya da kwamfutar shagonka ko na'urar buga takardu, yana iya gwada ƙofofinsu.

A nan ya kamata a kawar da wani tsoro da ya yi yawa. Sanin kalmar hosfot ɗinka ba ya buɗe wa mutum asusun MoMo. Idan ka danna `*170#`, wannan ciniki ta hanyar layin waya yake bi, ba ya taɓa waifai sam. Haɗarin yana zuwa ne ta wata ƙofa: mutane da yawa suna gina kalmar hosfot da lambobin da suke amfani da su a wasu wurare. Wanda lambar sirrinsa ta MoMo 1985 ce, sai ya sa 19851985 a hosfot don kada ya manta, ya kuma faɗa wa duk wanda ya roƙa. Wannan shi ya miƙa makullin da hannunsa.

Yadda kalmar sirri ke fita

Hanya uku ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko cinka ce. Tsarin tsaro na `WPA2`, wanda aka fara amfani da shi a 2004 kuma har yau shi ne a kan yawancin wayoyi, ba ya karɓar kalmar da ta gaza harafi 8, kuma yana karɓa har 63. Wannan ƙa'ida ta takwas ita ta haifi 12345678 da 00000000 da 11111111, waɗanda kowane yaro yake fara gwadawa. Bayan su sai lambar wayar mai hosfot, wadda a kasuwa ba sirri ba ce, tana rubuce a allon shago don masu biya ta MoMo. Sai sunan shago, da sunan ɗan fari haɗe da shekarar haihuwa. Maƙwabcin da ya san ka ba ya buƙatar wata na'ura.

Ta biyu fasawa ce, kuma ita ce ke nuna amfanin tsawon kalma. Duk lokacin da wata waya ta shiga hosfot, akwai 'yar gajeriyar gaisuwa da na'urorin biyu suke yi don kowacce ta tabbatar ɗayar ta san kalmar. Kalmar kanta ba ta fita a iska, amma wanda ke kusa da kayan aiki yana iya naɗar gaisuwar, ya tafi da ita gida, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada kalmomi a kanta har ta dace. Wayarka ba za ta san ana yi ba, don ba ita ake tambaya ba. Kwamfuta mai ƙarfi irin ta masu wasannin bidiyo tana gwada dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda.

Mu yi lissafi da gwaji 500,000 a daƙiƙa. Kalmar lambobi takwas zalla tana da yiwuwa miliyan 100, wato za a gama gwada dukkansu a daƙiƙa 200, ƙasa da minti huɗu. Lambar waya ta Gana tana da lambobi goma, sai a ga kamar ta fi ƙarfi, amma ukun farko sanannu ne, irin su 024 da 054 da 020 da 027. Saura bakwai, wato miliyan 10 ga kowane mafari, aikin daƙiƙa 20. Idan kuwa kalmar ta kai harafi 12 da aka gauraya babba da ƙarami da lambobi ba bisa wani tsari ba, gwada dukkansu zai ci miliyoyin shekaru. Kowane harafi da aka ƙara yana ninka aikin sau da yawa, shi ya sa tsawo ya fi duk wata dabara.

Sabon tsari na `WPA3`, wanda ya fito a 2018, an gina shi ne yadda naɗar gaisuwar ba za ta ba mutum damar gwaji a gida ba. Idan wayarka tana da shi, ka zaɓe shi. Tsofaffin wayoyi da kwamfutoci ba sa iya shiga ta kansa, don haka akwai zaɓin haɗe-haɗe, `WPA2/WPA3`, wanda ke karɓar kowa, sai dai na'urar da ta shiga ta tsohon tsarin tana nan da tsohon rauni.

Ta uku ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ba ta da alaƙa da ƙarfin kalma. Kai ne ka bayar. A Zango ba a hana mutum abu ƙarami irin wannan, kuma ban ga laifin bayarwa ba. Abin da ba a sani ba shi ne wayar da ta shiga sau ɗaya tana adana kalmar, kuma gobe da ka kunna hosfot za ta koma ciki da kanta ko tana cikin aljihu. Tun daga Android 10, wanda ya fito a 2019, mai wayar yana iya shiga sunan waifai ɗin ya danna `Share`, sai hoton lamba mai murabba'i ya fito, wanda duk wayar da ta ɗauke shi da kyamara za ta shiga ba tare da an rubuta komai ba. A wayoyi da yawa kalmar ma tana bayyana a rubuce a ƙasan hoton. Ko da kai ka karɓi wayarsa ka rubuta da hannunka don kada ya gani, bai hana komai ba. Akwai kuma manhajojin "waifai kyauta" da ke kwashe kalmomin da aka adana a waya su raba wa sauran masu manhajar.

Saboda haka kalma mai ƙarfi tana maganin cinka da fasawa, amma ba ta maganin yaɗuwa. Maganin yaɗuwa shi ne a riƙa duba wa ke ciki, a kuma sauya kalmar.

Kalmar da za ta riƙe

Mutumin da ke auna kaya yana amsa ciniki ba zai iya riƙe tarkacen haruffa goma sha biyu a ka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa kalmomi huɗu ko biyar da babu abin da ya haɗa su, a tsoma lamba a tsakiya:

```
RariyaKwalba7TantabaraGishiri
```

Wannan misali ne kawai, kuma tunda an buga shi a littafi ya tashi daga sirri. Sharaɗin shi ne kada kalmomin su zama jimla da aka sani, ko karin magana, ko addu'a, ko sunayen 'ya'ya a jere. Idan an zaɓi kalmomi huɗu barkatai daga cikin 2,000, kwamfutar nan ta ɗazu za ta kwashe kusan shekara guda tana gwaji kafin ta ƙare. Idan aka ƙara ta biyar, aikin ya ninka sau 2,000. A guji haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, don wasu na'urori ba sa karɓarsu, wasu kuma ba su da su a allon rubutu. A rubuta kalmar a takarda a ajiye a gida ko a cikin jaka, ba a jikin bangon shago ba.

Sunan hosfot ma a duba shi. Wayoyin iPhone sukan ɗauki sunan mai su, sai kowa ya ga wane ne, ya kuma san abin da zai gwada. Suna da ba ya nuna kowa ya fi.

Inda za ka ga waɗanda ke ciki

Sunayen wurare a allo suna bambanta daga waya zuwa waya, amma hanyar kusan ɗaya ce. A yawancin wayoyin Android, har da Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwa, ana shiga `Settings`, a nemi `Hotspot & tethering`, wanda wani lokaci yake ƙarƙashin `Network & internet`. A Samsung hanyar ita ce:

```
Settings > Connections > Mobile Hotspot and Tethering > Mobile Hotspot
```

Idan ka rasa, ka rubuta `hotspot` a wurin bincike na saman `Settings`, ko ka danne alamar hosfot da ke cikin labulen sama na ɗan lokaci, za ta kai ka can. Abin da kake nema shi ne `Connected devices`. Sai hosfot yana kunne jerin yake nuna wani abu. Wasu wayoyin adadi kawai suke bayarwa, su ce na'ura uku ke ciki, wasu kuma su jero su ɗaya bayan ɗaya.

A iPhone ana sauya kalmar a `Settings > Personal Hotspot`, amma ba a samun jerin waɗanda ke ciki a wannan lokaci, sai adadinsu a `Control Centre`. Akwai dai wata kafa: a cikin `Cellular` ko `Mobile Data`, idan ka gangara zuwa `Personal Hotspot`, za ka ga na'urorin da suka sha data da yawan abin da kowacce ta sha.

Masu 'yar na'urar maifai, wadda shaguna da yawa suke ajiyewa a kan shiryayye, su kuma ta burawuza za su shiga. A haɗa waya da maifai ɗin, a rubuta adireshin da ke jikin takardar da aka manna a bayansa ko a ƙarƙashin batir. Na Huawei yawanci `192.168.8.1` ne, wasu kuma `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`. Shafin zai nemi kalmar mai kula, wadda dabam take da kalmar waifai, kuma sau da yawa daga kamfani `admin` ce. Wanda bai sauya ta ba, duk baƙon da ya shiga waifai ɗinsa yana iya buɗe wannan shafi, ya karanta saƙonnin da ke shigowa layin, ya ma sauya kalmar ya kori mai kayan. A sauya ta tun ranar farko, a kuma kashe `WPS` idan akwai, don maɓalli ne da ke shigar da mutum ba da kalma ba.

Karanta jerin

Jerin ba ya kawo sunan mutum, sunan na'ura yake kawowa. Za ka ga abu kamar `Galaxy-A14` ko `TECNO-SPARK-10`, ko `android-` da tarkacen haruffa a bayansa, ko ma ba suna sam sai wata lamba mai gida shida irin wannan:

```
7A:3F:C1:09:B4:E2
```

Ita ce lambar `MAC`, alamar da kowace na'ura take nunawa idan ta shiga waifai. Ba sai ka haddace ta ba. Ka fara da ƙidaya: na'ura nawa ka san ka ba izini, nawa jerin ya nuna? Idan sun yi daidai, shi ke nan. Idan akwai ƙari, ka kashe waifai a na'urorinka ɗaya bayan ɗaya kana kallon wadda ta ɓace daga jerin, ka ɗan jira don wani lokaci ba nan take take ɓacewa ba. Abin da ya rage bayan ka kashe naka duka, baƙo ne.

Jerin yana da iyaka guda da ya kamata a sani: waɗanda ke ciki yanzu kawai yake nunawa. Wanda ya sha da hantsi ya tafi ba zai fito da yamma ba. Saboda haka a duba lokacin da kasuwa ta cika, da lokacin da intanet ya yi nauyi ba dalili, ko wayar ta ɗau zafi batir yana zuba alhali ba ka aiki da ita. Abin da ya wuce kuwa, a `Data usage` ake ganinsa, inda wayar ke jera abin da kowace manhaja ta sha, kuma hosfot yana da layinsa dabam.

Misali daga layin masu atamfa

A ce wata Hajiya ce mai shagon atamfa da leshi a Malata. Tana sayen gig 10, kuma aikinta da shi sananne ne: tura hotunan kaya ga masu saye a WhatsApp, amsa saƙon murya, ɗan kallon wa'azi da dare. Tana shan kamar megabait 300 a rana, don haka bandul ɗin yana kai ta wata guda. Takan kunna hosfot da safe saboda ƙaramar wayar da yarinyar shago ke ɗaukar hoto da ita, ba ta kashewa sai an tashi. Kalmar sirrin lambar wayarta ce.

Wani wata sai gig 10 ya ƙare a kwana shida. Ɗan ƙanwarta ya karɓi wayar ya fara da `Data usage`. WhatsApp da sauran manhajojinta duka ba su kai gig 2 ba, wanda ya yi daidai da megabait 300 sau shida. Layin hosfot kuwa ya nuna kusan gig 8. Tun a nan kamfanin waya ya fita daga zargi, don datar ta bi ta wayar, an kuma rubuta ta inda ta bi.

Bayan an sayi sabon bandul, da azahar ya buɗe `Connected devices` ya ga na'ura biyar. Ya kashe waifai a wayar yarinyar, ɗaya ta ɓace, saura huɗu.

"Hajiya, wa da wa kika ba?"

"Mutum ɗaya ne, ɗana. Yaron telan can, ranar da ya ce zai tura wa uwar ɗakinsa hoton ɗinki."

Lissafin ba ya buƙatar wani gagarumin ɓarawo. Bidiyo mai kyan hoto yana iya cin megabait 700 a awa. Mutum huɗu, kowanne rabin awa a rana, ya zama gig 1.4 kullum, a kwana shida ya haura gig 8. Ko yaron ne ya nuna wa abokansa hoton lambar, ko wani ne ya karanta lambar waya a allon shago ya gwada, jerin ba zai faɗa ba. Sunan `TECNO-SPARK-10` ba hujja ba ce a kan kowa, don masu irin wannan waya a layi ɗaya sun fi a ƙirga. Ina ganin kuskure ne babba a tashi a tari maƙwabci da zargi a kan wannan, musamman da yake wayarsa tana iya komawa ciki da kanta shi bai sani ba.

Toshewa ko sauyawa

Abin da hannu ke fara kai wa shi ne `Block`, wanda wayoyi da maifai da yawa suke da shi kusa da sunan kowace na'ura. Yana korar baƙon nan take, amma da lambar `MAC` yake gane shi, ita kuwa wannan lamba yanzu ba tabbatacciya ba ce. Tun Android 10, da iOS 14 na 2020, wayoyi suna ƙirƙiro lambar aro ga kowane waifai don kada a riƙa bin sawun masu su. Ana gane ta aro idan harafi na biyu ya kasance 2 ko 6 ko A ko E, kamar a misalin da ya gabata. Wanda aka toshe, matuƙar kalmar tana hannunsa, yana iya taɓa wani wuri a saitinsa ya dawo da wata lamba kamar sabon baƙo. Ɓoye sunan hosfot, wato `Hidden network`, shi ma haka ne, wanda ya riga ya san sunan da kalmar zai shiga.

Sauya kalmar ita ce ke korar kowa a lokaci ɗaya, da wanda ke jerin da wanda ya tafi gida zai dawo gobe. Abin da ɗan ƙanwar Hajiya zai yi ke nan: ya shiga saitin hosfot, ya tabbatar `Security` yana kan `WPA2` ko `WPA3`, ya rubuta sabuwar kalma a `Password`, ya adana. Wayar yarinyar ma za ta fita, kuma tana iya ta nuna kuskure saboda tana gwada tsohuwar kalma. Sai a danna `Forget` a kan sunan, a shiga da sabuwar.

Daga nan akwai ƙananan saituna da ke rage asara idan kalmar ta sake fita. Wayoyi da yawa suna barin ka ƙayyade adadin na'urorin da za su shiga. Idan ɗaya kake buƙata ka sa 1, matuƙar taka tana ciki ba gurbin wani. Akwai `Turn off hotspot automatically`, wanda ke kashe shi idan ba kowa a ciki. Wasu suna da iyakar data, ta yadda hosfot zai tsaya da ya kai adadin da ka sa. Zaɓin `5 GHz` a madadin `2.4 GHz` yana rage nisan sigina, duk da cewa tsofaffin wayoyi ba sa ganinsa. A kwamfuta mai Windows kuma a kunna `Metered connection` a kan sunan hosfot ɗin don ta daina manyan sauke-sauke.

Ga wanda ba ya son hana maƙwabci, kuma mafi yawanmu haka muke, hanyar ita ce ka sa wata kalma ta wucin gadi ka ba shi, ya gama abin da zai yi, ka mayar da taka. Wasu sababbin wayoyin Samsung suna da `One-time password` don wannan aiki. Idan kuwa abin ya wuce shan data, ka ga alamar an yi damfara ta layinka, Hukumar Tsaron Intanet ta Gana, wadda dokar 2020 ta kafa, tana karɓar ƙorafi a lamba 292.

Duk wannan ya shafi lokacin da kai ne mai hosfot. Amma sau da yawa kai ne baƙon: a tashar mota, a otal, a filin jirgi, ko a nan cikin kasuwa idan ka ga waifai a buɗe mai suna mai jan hankali. A babi na gaba za mu duba abin da mai irin wannan waifai yake iya gani a wayarka, yadda ake kafa na bogi da sunan wani wuri da ka yarda da shi, da ayyukan da bai kamata ka yi a kansa ba. Kafin ka juya shafi, ka buɗe saitin hosfot ɗinka ka ga kalmar da ke ciki. Idan lambar wayarka ce, ka sauya ta yanzu.